Jel Ya Ƙi Nuna Layi: Yadda Ake Gano Inda PCR Ya Sami Matsala

A rahotannin ɗalibanmu na ɗakin gwaji akwai wata jimla da ta zama ruwan dare. Za ka ga an manna hoton jel baƙi ƙirin, ko wanda haske ya malale a cikinsa, a ƙasa kuma an rubuta: "Ba a samu sakamakon da ake tsammani ba saboda kuskuren ɗan Adam." Daga nan sai a rufe babi. Malamin da ya san aikinsa ba ya ba wannan jimlar maki, kuma da gaskiyarsa. Hoton da ɗalibi yake jin kunyarsa cike yake da bayani. Sau da yawa ma ya fi kyakkyawan hoto abin faɗa, domin yana nuna matakin da aikin ya tsaya, in an san yadda ake karanta shi.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, ga abin da ake yi a taƙaice. PCR hanya ce ta ɗaukar wani ɗan yanki na DNA a yi ta kwafinsa har ya yi yawan da za a iya gani. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a kanta a 1993. Ana zuba komai a wani ɗan bututu da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba: DNA ɗin da ake bincike, da gajerun zaruruwa guda biyu da ake kira firama waɗanda ke nuna farko da ƙarshen yankin da ake so, da tubalan ginin DNA, da gishirin maganisiyam, da enzayim mai suna Taq wanda shi ne maginin. Injin yana zafafa bututun zuwa wajen digiri 94 don zaren DNA ya rabu biyu, ya sauko zuwa hamsin da wani abu don firama su kama, ya hau 72 don Taq ya yi gini. Wannan zagaye ɗaya ke nan, kuma ana yin kamar talatin.

Idan injin ya gama, bututun ba ya nuna komai, ruwa ne garau kamar yadda aka sa shi. Sai an zuba shi a ƙananan ramuka da ke bakin wani daskararren abu mai suna jel na agaros, a sa lantarki ya ja DNA ɗin ta cikinsa. Jel rariya ce: ƙananan gutsattsari suna wucewa da sauri su yi nisa, manya suna tafiyar hawainiya kusa da rami. Akwai rini a ciki, galibi itidiyam buromaid, wanda ke sa DNA haske idan aka haska masa fitilar UV. Gutsattsarin da tsawonsu ɗaya sukan taru wuri ɗaya, su fito a matsayin ɗan layi mai haske. Wannan layin shi ne abin da kowa yake jira. Ana auna tsawon DNA da ma'aunin da ake rubutawa bp, kuma a rami na farko akan zuba wani haɗi na gutsattsarin da aka riga aka san tsawonsu, wanda yake fitowa hawa-hawa kamar tsani, don a gwada sauran da shi.

Jel mai rami goma

Bari mu ɗauki aikin da ake yawan yi a jami'o'inmu, wato neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, a cikin jinin da aka ɗiga a takardar tacewa ya bushe. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Georges Snounou da abokan aikinsa suka fitar a 1993, mai hawa biyu. A hawa na farko, firama rPLU5 da rPLU6 suna kwafo babban yanki mai tsawon kusan bp 1,200, wanda duk nau'o'in ƙwayar suke da shi. Sai a ɗebi kaɗan daga wannan a sa a sabon bututu da firama rFAL1 da rFAL2, waɗanda ba sa kama kowa sai falciparum. Idan tana nan, layi zai fito a bp 205.

A ce wata ɗaliba ta yi wannan aikin da jinin mutum bakwai, waɗanda duka an ce an ga ƙwayar a jininsu da madubin likita. Ta haɗa jel mai agaros kashi 2 cikin ɗari. Rami na 1 tsani ne mai hawa ɗari-ɗari. Rami na 2 bututun shaida ne mai ɗauke da DNA ɗin falciparum da aka tabbatar da shi. Rami na 3 shi ma na shaida ne, amma ruwa zalla aka sa a madadin DNA. Daga na 4 zuwa na 10 samfuran marasa lafiya ne.

Da ta kunna fitila, ga abin da ta gani. Tsani ya fito tsaf, kowane hawa a rabe. Rami na 2 ya ba da layi mai ƙarfi dab da hawan 200. Rami na 3 babu komai a wurin, sai wani ɗan hazo can ƙasa da hawan 100. Na 4 da na 5 sun yi kyau. Na 6 akwai layi, amma sai ka ƙura ido. Na 7 da na 8 wayam. Na 9 haske ne ya malalo tun daga kusa da rami har ƙasa. Na 10 yana da layin 205, da wani siriri a sama da hawan 1,000.

Abin da ido yake fara yi shi ne ya tafi kan na 7 da na 8, inda ciwon yake. Kuskuren ke nan. Karatun jel daga rami na 1 yake farawa, domin ramuka ukun farko su ne za su rage maka yawan waɗanda ake tuhuma.

Ukun farko

Tsani bai shiga injin PCR ba. Daga kwalbarsa aka ɗebo shi aka zuba a rami. Saboda haka duk abin da ya same shi, a jel ya same shi. Idan tsanin kansa bai fito ba, kada a ɓata lokaci ana zargin firama ko Taq. Ko dai an manta da rini, ko rinin ya tsufa, ko fitilar ce ko kyamarar, ko kuma an juya wayoyin lantarki. DNA tana gudu ne daga baƙar waya zuwa ja, kuma idan aka ajiye jel a juye, 'yan mintoci sun isa ta fice ta bayan rami ta narke a ruwan tanki. Haka nan idan aka bar jel yana gudu aka tafi salla da cin abinci, ƙananan gutsattsari irin na 205 su ne farkon faɗawa ta ƙarshensa.

Idan kuma tsanin ya fito amma a dame, hawa-hawansa sun narke cikin juna, kuma kowane rami haka yake, nan ma jel ne. Mafi yawa zafi ne: an ƙure wutar don a gama da wuri, jel ya ɗumama, layuka suka karkace suka baje. Ƙa'idar da ake bi ita ce kamar bolt 5 zuwa 10 ga kowace santimita ta tazarar da ke tsakanin wayoyin biyu. Akwai kuma wanda zai narka agaros da ruwa zalla maimakon ruwan TAE ko TBE, ko ya haɗa jel da ɗaya ya cika tanki da ɗayan, ko ya yi ta amfani da ruwan tanki guda har ƙarfinsa ya ƙare. A jel ɗin ɗalibarmu tsani lafiya lau yake, don haka duk wannan rukunin ya fita.

Rami na 2 yana amsa wata tambayar: shin haɗin da aka yi da injin suna aiki? Ana haɗa kayan duka a bututu ɗaya ne sannan a rarraba, saboda haka abin da ke cikin na 2 shi ke cikin na 7, in ban da DNA. Da na 2 bai fito ba, da sai mu ce matsalar ta kowa ce. A nan ne ake tunanin an tsallake wani abu wajen haɗawa, wanda ya fi faruwa fiye da yadda mutane suke yarda, ko an zaɓi tsarin wani a injin, ko murfin injin bai yi zafi ba ruwan ya tafi a tururi. A nan ne kuma maganar wuta take shigowa. Kayan PCR a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili suke zama, kuma firizar da ke narkewa da rana ta daskare da dare tana cin su a hankali. Taq yana da ɗan juriya, amma tubalan dNTP da firama da aka tsarma ba sa son wannan kai-komo. Shi ya sa masu dabara suke rarraba su a ƙananan bututai, a riƙa ɗauko ɗaya-ɗaya. To amma na 2 ya fito da ƙarfi. Duk wanda ya rubuta a rahotonsa cewa "wataƙila enzayim ya lalace" alhali wannan layin yana haske a hotonsa, ya nuna bai karanta jel ɗinsa ba.

Rami na 3 shi ne mai iya rushe komai. Da layin 205 ya fito a ruwa zalla, da ma'anarsa DNA ta shiga daga wani wuri, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa layukan na 4 da na 5 daga jinin masu su suka fito. PCR mai hawa biyu ya fi kowane saurin kamuwa da wannan, domin ana buɗe bututun da ke cike da kwafi a tsakiyar aiki, kuma ɗigon da ido ba ya gani a bakin fifet ko a safar hannu ya isa. Irin wannan jel ba a fassara shi, sake shi ake yi da sabon ruwa da sababbin kaya, a wani teburi daban da wanda ake buɗe bututan da suka fito daga inji.

Hazon da ke ƙasa da 100 kuwa ba gurɓata ba ne. Firama ne suka rasa abin kamawa suka kama juna, Taq ya gina su suka zama 'yan gutsattsari masu bp hamsin ko kusa da haka. Ya kamata a ambace shi a rahoto da sunansa, kada mai karatu ya ɗauka layi ne. Yana zama abin damuwa ne idan ya yi ƙarfi a ramukan samfura, domin firaman da suka ƙare a kan juna ba su yi aikin da aka aike su ba.

Layin da ya dusashe

Yanzu mun iso na 6. Akwai wani ɗan lissafi da yake sa mutum ya daina mamakin dusashen layi. Idan kowane zagaye yana ninka kwafi biyu cif, zagaye 30 zai mai da ƙwaya ɗaya ta haura biliyan ɗaya. Idan kuwa wani abu ya rage ƙarfin aikin, ya zama kashi 80 cikin ɗari ne kawai ake kwafewa a kowane zagaye, abin da za a samu bai kai miliyan 46 ba. Ragi kaɗan a kowane zagaye ya zama ragin ninki ashirin da wani abu a ƙarshe. Shi kuma rinin itidiyam yana buƙatar 'yan nanogiram na DNA a layi kafin ido ya gan shi. Ke nan tsakanin layi mai ƙarfi da dusasshe da wanda babu shi sam, ba lallai ne a ce akwai dalilai uku daban ba. Sau da yawa dalili ɗaya ne, ƙarfinsa ne ya bambanta.

Ga na 6 akwai bayani biyu da suka fi kusa: ko ƙwayoyin cutar kaɗan ne a jinin, ko akwai abin da ke danne Taq a cikin samfurin. Na farko ana iya duba shi ba tare da an taɓa fifet ba, a koma littafin da aka rubuta ƙidayar madubi. Idan mai wannan jinin shi ne mafi ƙarancin ƙwayoyi, bayanin ya sami gindin zama. Sai dai a yi hattara. PCR mai hawa biyu, da zagaye sama da hamsin gaba ɗaya, yakan kai inda kayan aikin suke ƙarewa, har mai ƙwaya kaɗan da mai yawa su ba da layi kusan iri ɗaya. Don haka hasken layi ba ma'aunin yawan cuta ba ne, kuma bai kamata a rubuta shi a matsayin haka ba.

Akwai wani abu game da ƙananan layuka da ba a cika koya wa ɗalibai ba. Gajeren DNA rini kaɗan yake ɗauka, don haka kwafi miliyan na bp 205 ba zai yi hasken kwafi miliyan na bp 1,000 ba. Ƙari a kan haka, itidiyam yana gudu ne ta kishiyar inda DNA take nufa. DNA tana sauka, shi yana hawa, sai ƙasan jel ya zama babu rini sosai, daidai wurin da layinmu yake. Idan hawan tsani na 100 da 200 su ma sun fi na sama dusashewa ƙwarai, a jiƙa jel ɗin a ruwan rini na minti ashirin zuwa talatin a sake dubawa. Wani lokaci layin da aka ce babu shi yana nan.

Rami biyu wayam, dalili biyu

Na 7 da na 8 a ido iri ɗaya ne, kuma jel ɗin nan shi kaɗai ba zai raba su ba. Rashin layi yana iya nufin babu ƙwayar, yana iya nufin tana nan amma an hana Taq aiki. Jini kuwa ya shahara da wannan. Sinadarin da ke ba shi launin ja yana danne Taq, shi ya sa ake jiƙa takardar jinin a ruwan safonin a wanke ta kafin a ciro DNA. Idan ruwan da aka samu a ƙarshe yana da ɗan ja-ja ko ruwan ƙasa, wankin bai yi ba. Hefarin da ake sa wa jini don kada ya daskare shi ma yana hanawa. EDTA, idan ya yi yawa, yana kame maganisiyam, kuma Taq ba ya motsi babu maganisiyam. Masu ciro DNA da ƙwayoyin Chelex suna da nasu tarkon: aikin waɗannan ƙwayoyin shi ne kama ƙarafa irin su maganisiyam, to idan fifet ya taɓa gindin bututu ya tsotso ko 'yan kaɗan suka shiga PCR, sun kashe shi. Masu amfani da kit kuma ragowar itanol ne yake kama su.

Gwaji biyu masu sauƙi suke warware wannan. Na farko ya saɓa wa abin da zuciya take raya wa mutum. Wanda bai ga layi ba, abin da yake fara yi shi ne ya ƙara DNA, daga maikrolita 2 zuwa 5. In dai mai hanawa ne matsalar, ya ƙara shi ke nan. Abin yi shi ne a rage: a tsarma samfurin, kashi ɗaya nasa kashi tara ruwa, a sake. DNA ta ragu sau goma, amma PCR yana iya jure wannan. Mai hanawa shi ma ya ragu sau goma, kuma sau da yawa hakan ya isa ya sake Taq. Na biyu shi ne a ɗebi kaɗan daga DNA ɗin shaida, wanda muka san yana ba da layi, a zuba a cikin samfurin da ake zargi. Idan layin da ya saba fitowa ya ɓace, to akwai abin da ke cikin samfurin da yake kashe aikin.

A ce ɗalibar ta yi duka biyun. Na 7 da aka tsarma ya fito da layin 205, kuma wanda ba a tsarma ba ya haɗiye DNA ɗin shaida bai ba da komai ba. Magana ta ƙare: mai hanawa ne, kuma mai jinin yana da falciparum. Da an tsaya a jel na farko, da an rubuta shi cikin marasa cutar.

Na 8 kuwa tsarmawa ba ta canza komai ba, kuma da aka zuba masa DNA ɗin shaida layi ya fito da ƙarfinsa. Ke nan babu mai hanawa. Saura abu uku. Ko DNA ta salwanta tun wajen cirowa, wanda ake ganewa ta hanyar neman wani yanki na DNA ɗin mutum, misali na bita-gulobin, domin kowane jini yana da shi. Ko mai duba madubi ya ga ɗigon rini ko wani tarkace ya ɗauka ƙwaya ce. Ko kuma ƙwayar gaskiya ce, amma ba falciparum ba. Plasmodium malariae da ovale duka suna nan a Afirka ta Yamma, kuma rFAL1 da rFAL2 ba za su kama su ba ko da sun cika jinin. A tsarin Snounou malariae tana da nata firaman, da layinta a bp 144. Idan wannan ne, PCR bai gaza ba sam, amsar tambayar da aka yi masa ya bayar.

Hasken da ya malale

Malalen haske yana nufin akwai DNA masu tsawo iri-iri, ba tsawo ɗaya ba. Tun da na 9 ne kaɗai ya yi haka, tsani da sauran suna tsaf, daga bututunsa abin ya fito. A PCR mai hawa biyu, wanda ake fara tuhuma shi ne yawan abin da aka ɗebo daga hawa na farko. Jinin da ke cike da ƙwayoyi yakan ba da kwafi masu ɗimbin yawa tun a farko. Idan aka kwashi wannan aka sake ba shi zagaye talatin, firama sukan ƙare da wuri, sai guntayen kwafin da ba su kammala ba su riƙa kama juna suna tsawaita, a sami tarkace daga gajere har dogo. Maganinsa shi ne a tsarma abin da ya fito daga hawa na farko, sau goma ko sau ɗari, ko a rage zagaye biyar.

Da malalen ya bayyana a yawancin ramuka har da na shaida, da sai a duba yanayin aikin gaba ɗaya. Zafin da firama suke kamawa a kai shi ne na farko. Tsarin Snounou digiri 58 yake amfani da shi. In aka sauko da shi sosai, firama sukan kama wuraren da suka yi kama da nasu ko da ba su dace ba, kuma a samfurin jini DNA ɗin mutum ta ninka ta ƙwayar nesa ba kusa ba, wuraren kuskure ba sa ƙirguwa. In aka haura sosai, ba za su kama ko'ina ba, layi ya ɓace. Maganisiyam haka yake: wajen milimola 1.5 zuwa 2 aka saba sawa, ƙasa da haka layi ya dusashe, sama sosai tarkace ya yi yawa. Injinan da ke iya ba kowane jeri nasa zafin sun sauƙaƙa neman daidai, a gwada daga 54 zuwa 62 a gudu ɗaya. Sharaɗin dai shi ne a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya ƙara zafi, ya rage maganisiyam, ya canza Taq duk a rana ɗaya, ko jel ya yi kyau ba shi da abin rubutawa, don bai san wanne ya yi aikin ba.

Na 10 bai da wuya. Siririn layin da ke sama da 1,000 ya yi daidai da tsawon yankin hawa na farko, kuma mafi kusa shi ne ragowarsa ce ta biyo. Layin 205 yana nan, samfurin yana da ƙwayar.

Abin da za a rubuta

Sashen tattaunawa ba wurin jera duk abin da zai iya lalata PCR ba ne. Wannan jerin yana cikin kowane littafi, kuma malami ya san daga inda aka kwaso shi. Abin da ake nema shi ne a faɗi abin da aka gani da lambar rami da tsawon layi, a faɗi abin da ramukan shaida suka kore, a kawo dalilin da ya fi dacewa da abin da ya rage, sannan a faɗi gwajin da zai tabbatar ko ya ƙaryata shi. Ga yadda ɗalibar za ta iya rubuta na rami na 7, ko da lokaci bai ba ta damar sake gwajin ba:

"Rami na 7 bai nuna layi a bp 205 ba, duk da cewa an ga ƙwayar a madubi. Tsani ya rabu da kyau, kuma rami na 2 ya ba da layin da ake tsammani, saboda haka ba a jel ko haɗin kayan aiki ko tsarin inji matsalar take ba. Ruwan DNA na wannan samfurin yana da ɗan launin ja, abin da ke nuna ragowar jini, wanda aka san yana danne Taq. Tsarma samfurin sau goma, tare da zuba masa DNA ɗin shaida a wani bututu daban, zai bambance tsakanin wannan da rashin ƙwayar. Kafin a yi haka, ba za a ƙidaya samfurin cikin marasa cutar ba."

A lura da jimlar launin ja. Ba daga hoton jel ta fito ba, daga littafin aiki ta fito, kuma wanda bai rubuta ta a ranar da ya gani ba, ba zai tuna ba bayan mako uku. Haka nan ranar da aka narka firama, da yawan bolt, da mintocin da jel ya yi, da ko wuta ta ɗauke injin yana tsakiyar gudu. Idan an san takamaiman kuskuren da aka yi, a faɗe shi da sunansa: an manta ba a juya bututun maganisiyam ba bayan ya narke, ko an ga kumfa a bakin fifet wajen ɗiban Taq. Wannan bayani ne da za a iya aiki da shi.

Hoton ma yana da ƙa'ida. A sa shi gaba ɗayansa da ramukan shaida, a rubuta lambobin hawan tsani a gefe, a sa kibiya a inda ake jiran layi. In za a ƙara haske don na 6 ya fito, a ƙara wa hoton duka, kuma a faɗa a ƙarƙashinsa. Ƙara wa rami ɗaya haske, ko yanke na 3 don hazonsa ya ɓata kyan hoto, ya tashi daga gyara ya koma maguɗi. A teburin sakamako kuma, na 4, 5, 6, 7 da 10 za su shiga cikin masu falciparum, na 9 a rubuta za a sake shi da tsarmi, na 8 a rubuta ba a gano falciparum ba, ana jiran gwajin bita-gulobin da firaman sauran nau'o'in.